Lambar da ke Kan Kyamarar Yaya

Mai Hoto ba mutum ba ne mai tsayawa a gaban teburin tsofaffin kaya. Yakan ce duk wanda ya wuce shekara sittin shi ma tsohon kaya ne, babu dalilin da zai je yana leƙen 'yan'uwansa. Amma ran nan da hantsi, yana dawowa daga sayen takardar buga hoto, sai idonsa ya faɗa kan wata kyamara a tsakanin wani dutsen guga marar igiya da tarin makullai. Ƙafarsa ta tsaya tun kafin ya ba ta umarni.

Irin ta dā ce, mai cin fim, jikinta baƙar fata, samanta murfin ƙarfe fari. Ya ɗauka, ya juya ta, ya goge murfin da bakin rigarsa. Lambar siriyal tana nan a zane a jikin ƙarfen, wato lambar da kamfani ke buga wa kowace kyamara ita kaɗai. Ya karanta sau ɗaya, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Lambar nan ya haddace ta fiye da lambar wayarsa.

Mai tebur ya ce, "Baba, ba ta aiki fa, ado ce kawai."

"Ni ma haka nake," in ji Mai Hoto. Ya biya ba tare da ya taya ba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya rungume ta ya nufi shago, ya ma manta da takardar da ya sayo sai da aka biyo shi da ita.

Kyamarar yayansa ce. Yaya shi ya buɗe shagon, shi ya koya masa sana'a tun daga shara har zuwa wankin hoto a ɗakin duhu, inda warin magani ke shiga tufafi ya ƙi fita. Shekara ashirin da tara ke nan da Yaya ya rasu, ya bar 'ya ɗaya mai shekara uku. Kwana biyu kafin cikawarsa ya miƙa wa ƙanin nasa kyamarar, ya ce, "Ka ajiye wa yarinyar nan. Ba ni da wani abu da ya fi ta sanina." Mai Hoto ya ajiye shekara biyu cur. Sannan wani mai ɗaukar hoto da ke yawo gari-gari ya zo da daɗin baki, ya ce aro na kwana uku. Kwana ukun ba su cika ba har yau. Wannan abu ya ci Mai Hoto a rai, ya ci shi ƙwarai, domin amana ce aka ba shi ya yi sake da ita, kuma yarinyar ta girma ba ta taɓa tambaya ba, wanda hakan ya fi masa zafi da a ce ta tsare shi da faɗa.

A shago ya jawo wata tsohuwar gwangwanin alawa daga ƙarƙashin kantar shagon. Katin garantin yana ciki, ya yi ja don tsufa: sunan samfurin, lamba, ranar saye, hatimin kanti, da sa hannun Yaya mai doguwar wutsiya. Ya ɗora katin kusa da murfin. Lamba bakwai, babu wadda ta saɓa.

Sai ya yi abin da bai kamata ya yi da gaggawa ba. Ya ɗauki waya ya kira 'yar Yaya, wadda yanzu malamar makaranta ce a wani gari mai nisan yini guda a mota.

"Ɗiyata, kina zaune ko kina tsaye?"

"Baffa, lafiya? Ina tsakiyar duba jarrabawa."

"Ajiye jan biron nan. Na samo kyamarar babanki."

Ya ji ƙarar ajiye biron a kan tebur. Daga baya ta ce, da wata ƙaramar murya da bai san tana da ita ba, "Ita kanta, Baffa?"

"Ita kanta. Lamba ba ta ƙarya."

Ta ce hutu saura mako uku, ranar da aka rufe makaranta za ta hau mota.

Bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da na mai gyaran agogo, wanda duk layin ke kira Ido-ɗaya saboda ƙaramin gilashin da ke maƙale a idonsa na dama tun safe har yamma. Agogo yake gyarawa, da tabarau, da kyamarori a zamanin da ake kawo su. Shekara talatin suna tare, kuma babu ranar da ba su yi musu ba. Mai Hoto ya shiga ya ajiye kyamarar a kan tebur kamar wanda ya kawo kofin gasa.

Ido-ɗaya bai ce barka ba. Ya saukar da gilashinsa, ya bi gefen murfin a hankali, ya daɗe a kan 'yan sukurorin da ke riƙe da shi.

"An taɓa buɗe ta," ya ce.

"To da fa? Shekara arba'in da wani abu, ko kai an taɓa buɗe ka."

"Ba buɗewar gwani ba ce. Dubi kan sukurun nan, sukundireban da ba nasa ba aka sa masa. Kuma ɗaya daga cikinsu baƙo ne, ya fi 'yan'uwansa ƙyalli." Ya ɗago. "Mai Hoto, lambar nan a jikin murfi take, murfi kuwa cire shi ake yi. Na sha ganin masu gyara sun haɗa matattu biyu sun tayar da ɗaya. Kama da wane ba wane ba ne."

"Kai dai baƙin ciki ne ya yi maka yawa."

"Ka gaya wa yarinyar?"

Mai Hoto ya hau sosa ƙeya.

"Ka riga malam masallaci ke nan. To, ka tambayi waɗanda suka ƙera ta. Kamfanin yana nan da ransa, kuma irinsu suna da kundin lambobi tun na farko. Su za su gaya maka lambar nan wane samfuri aka ba wa, a wace shekara. In ya dace da abin da ke hannunka, sai ka zo ka yi mini dariya har shekara ta zagayo."

Wannan tayin ne ya ja Mai Hoto. Suka koma shagonsa, inda yake da kwamfutar da yake buga hotunan fasfo. Ido-ɗaya ya saba rubuta wa kamfanonin agogo, don haka ya ja kujera ya zauna kamar alƙali.

Da farko ya hana shi danna abin da ya fara fitowa a bincike. Ya ce akwai masu kafa shafi da sunan kamfani, su nemi kuɗin dubawa ko lambar katin banki. "Shafin kamfanin na ainihi za ka shiga, ka duba adireshin da kyau, ka nemi wurin da suka ware don taimakon masu saye. Nan za ka ga fom ko adireshin imel. Duk wanda ya ce ka aiko lambar katinka kafin ya duba maka lambar siriyal, ɓarawo ne a rigar ma'aikata."

Suka sami fom ɗin. Mai Hoto ya gyara zama, ya fara rubutu da yatsa biyu: cewa shi ƙanin wani bawan Allah ne wanda ya buɗe shago a shekarar da aka yi ruwa mai yawa, mutum mai haƙuri, mai son tsabta...

"Tsaya, tsaya. Ta'aziyya kake rubutawa?"

"Ai sai sun san ko wane ne."

"Wadda za ta karanta wannan tana da saƙo ɗari a gabanta kafin ta sha shayi. Ka ba ta abin da za ta yi aiki da shi." Ya lissafa da yatsunsa masu baƙin mai. A kan saƙon, sunan samfuri da lambar siriyal. A ciki, a sake rubuta lambar da hannu harafi-harafi yadda take, har sifilin da ke farko, kada a dogara da hoto kaɗai. A faɗi inda lambar take a jikin kyamarar. A rubuta lambar idon kyamarar daban, domin gilashin gaba yana da tasa lambar a zoben bakinsa, kuma mutane kan rikita su. A faɗi inda aka samo ta, a ce hannu na biyu ce, kada a ɓoye. "Sannan tambaya ɗaya, miƙaƙƙiya: shin lambar nan tana kundinku, wane samfuri da wace shekara aka ba ta, kuma ta dace da kyamarar da ke cikin hotunan nan?"

"Ba zan tambaye su ko ta Yaya ba ce?"

"Ina suka san Yaya? Abin da suka ƙera suka sani, ba wanda ya riƙe ba. Wannan tsakaninka da katinka ne."

Saura hotuna. Ido-ɗaya ya buɗe baki zai fara bayani, Mai Hoto ya ɗaga masa hannu. Nan fa aka taɓo inda yake da iko. Shekara arba'in yana ɗaukar hoto, mai gyaran agogo ne zai koya masa? Ido-ɗaya ya ɗaga kafaɗa, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma wajen agogunansa.

Ranar Mai Hoto ya ji daɗin aiki irin wanda ya daɗe bai ji ba. Ya saukar da tsohon labulen bango mai zanen lambu da matakala, wanda amare da sababbin ma'aikata da 'yan makaranta suka tsaya a gabansa tun zamanin Yaya. Ya shimfiɗa jan ƙyalle mai laushi a kan kujerar da babu jingina, ya zaunar da kyamarar, ya ɗan karkata ta gefe yadda ake karkata kafaɗar mace don wuya ya fito. Ya kunna fitila biyu. Yana aiki yana tuna yadda layin nan ke cika a ranakun hutu, mutane sun ci ado suna jiran a kira su, ga madubi da mataji ɗaure da zare a bakin ƙofa, ga kwat ɗaya ta aro da ta shiga hoton rabin mazan unguwa. A lokacin mutum kan yi wanka saboda hoto. Yanzu kowa na ɗaukar kansa da baki a murguɗe, ya goge, ya sake.

Da ya ɗora hotunan a kwamfuta sai hannunsa ya ci gaba da abin da ya saba. Yaya ya koya masa cewa ba a sallamar hoto da aibi. A dā da fensir mai tsini suke bin fim suna ɓatar da ƙuraje da tabo, yanzu da linzamin kwamfuta. Murfin yana da ƙarce-ƙarce, ya share su. Wurin da farin ƙarfen ya goge har jan tagulla ya leƙo, ya shafe shi. Sukurun da ya ci rauni, ya mayar masa da ƙuruciyarsa. Lambar kuwa ya yanko ta ita kaɗai, ya ƙara mata baƙi har ta fito ɓaro-ɓaro kamar yau aka buga. Bai ga laifi ko ɗaya a ciki ba, a ganinsa mutunta baƙo ne ka aika masa abu a gyare. Ya aika hoto uku.

Nan take saƙo ya shigo da lambar shigar da ƙorafi, da bayanin cewa za a amsa cikin kwanakin aiki biyar. A rana ta huɗu amsa ta zo daga wata ma'aikaciya. Ta gode masa, ta ce hotunan sun yi kyau ƙwarai. Sai dai, in ji ta, da alama an gyara su, kuma ba za su iya tabbatar da komai daga hoton da aka taɓa ba. Hoton lambar an yanke shi, babu abin da ke nuna a jikin wace kyamara take. Ta roƙe shi ya aiko da hotuna na asali yadda suka fito, ta jero waɗanda take so, ta ce ya amsa a kan wannan saƙon don lambar ƙorafin ta biyo shi.

Ido-ɗaya ya karanta, ya yi dariya har gilashin ya faɗo daga idonsa ya yi lilo a igiya.

"Garin neman gira ka rasa ido! An ce ka kawo shaida, ka kai ta gidan kwalliya."

"Ƙarce kawai na cire."

"Ƙarcen shi ne shaidar, malam. Wanda ya share ƙarce zai iya share lamba ya sa wata. Ita ta ina za ta san kai tsohon kirki ne mai taurin kai?"

Mai Hoto ya ji kunya, kunya ta gaske, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaron shago. Amma hali zanen dutse, sai da ya yi gunaguni cewa mutanen yanzu ba su san hoto ba, kafin ya naɗe labulen lambu ya jingine.

Washegari da safe suka fitar da ƙaramin tebur kusa da taga, suka shimfiɗa farar takarda. Ido-ɗaya na karanta jerin ma'aikaciyar, Mai Hoto na ɗauka. Kyamarar gaba ɗayanta daga gaba, daga baya, daga sama, daga ƙasa, kowanne a miƙe, babu karkatawa. Sannan hoto daga ɗan nesa wanda lambar ke karantuwa kuma ana ganin jikin da take kai. Sannan lambar daga kusa.

"Kashe filasha," in ji Ido-ɗaya.

"Wannan kam ba sai ka faɗa ba. Ƙarfe ne, haske zai mayar mini." Ya juya teburin har hasken taga ya zo daga gefe, ya kwanta a kan murfin, kowane ramin lamba ya riƙe 'yar inuwarsa. Ya dafe gwiwar hannu a tebur don kada ya girgiza, ya ɗauka, ya buɗe hoton ya faɗaɗa ya tabbatar ana karanta duk bakwai ɗin. A nan dai Ido-ɗaya ya yarda cewa tsohon ya san haske.

Suka ɗauki zoben idon kyamarar da tasa lambar. Suka buɗe bayanta suka ɗauki cikin, inda fim ke kwanciya. Suka ɗauki sukurorin da raunukansu. Daga ƙarshe katin garanti: Ido-ɗaya ya yago 'yar takarda ya rufe adireshin gida, ya bar samfuri da lamba da kwanan wata da hatimi a fili.

Mai Hoto ya daɗe yana kallon hotunan a kwamfuta. Munana ne, a ganinsa. Kowane tabo ya fito tsirara. Yatsansa ya yi ta ƙaiƙayi a kan linzami. Ido-ɗaya ya tsaya a bayansa bai tafi ba sai da ya ga an haɗa su yadda suke, goma cif, an duba ba su wuce nauyin da kamfanin ya ƙayyade ba, an tura a kan tsohon saƙon.

Kwana shida aka yi. A cikinsu 'yar Yaya ta kira sau biyu. Ta ce ta gaya wa 'ya'yanta, ta ce ta share wuri a cikin kabad mai gilashi. Mai Hoto ya ce madalla, madalla, bai ce komai game da kamfani ba.

Amsar ta zo da azahar, yana tsakiyar yanka hotunan fasfo na wani direba. Ya sallami direban, ya zauna, ya karanta a hankali.

Ma'aikaciyar ta ce lambar tana kundinsu. An ba da ita ga samfurin da ke rubuce a katinsa, mai farin murfi, a shekarar da ta gabaci ranar sayen, kuma zanen lambar ya yi daidai da irin nasu na wancan lokaci. Mai Hoto ya ce alhamdu lillahi a fili. Sai ya ga akwai saura.

Ta ce jikin da ke cikin hotunan ba na wannan samfurin ba ne. Ƙaramin hannun da ke gaba, wanda ake ja don kyamara ta jira kafin ta ɗauka, da kuma sandar naɗe fim da ke ciki, sai a samfurin da ya biyo baya aka fara sa su, bayan shekara shida. Girman jikin ɗaya ne, shi ya sa murfin wancan ke hawa kan wannan. Lambar idon kuma ta wata shekara ce can gaba. Abin da ya fi kama da gaskiya, in ji ta, an ɗora murfin tsohuwa a kan jikin wata. Ta ƙara da cewa wannan ra'ayi ne daga hotuna, cikakken tabbaci sai an kawo kyamarar wurin gyaransu an buɗe, kuma ba su da hanyar sanin waɗanda suka mallake ta.

Ya ɗauki kyamarar ya dubi ƙaramin hannun nan na gaba. Mako biyu yana kallonsa. Ya sani sarai ta Yaya ba ta da shi, domin duk hoton da suka yi tare sai sun roƙi wani ya danna musu. Idonsa ya gani tun ranar farko, zuciyarsa ce ta ƙi karɓa.

Ido-ɗaya ya shigo, ya karanta a tsaye. Shi ne ya ci musun, amma bai yi dariya ba.

"Ungulu da kan zabo," ya ce a hankali. "Wataƙila ma ba mugunta ba ce. Ta lalace a hannun wani, mai gyara ya tsinci abin da ya rage."

"Murfi," in ji Mai Hoto. "Shekara ashirin da bakwai ina neman gafara, aka ba ni murfi."

Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ita ba ta san samfuri ba. Katin ya dace da lambar. In na miƙa mata, har ta mutu ba za ta sani ba."

"Haka ne," in ji Ido-ɗaya. "Ni dai ba zan faɗa mata ba." Ya juya ya fita.

Ranar da ta zo, da la'asar ne, da jakarta a kafaɗa da ƙurar hanya a takalmi. Doguwa ce kamar ubanta, har yadda take sunkuyar da kai in za ta shiga ƙofa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi maigidanta da yara, ta tambayi ƙafarsa. Duk suna magana idonta na kan abin da ke lulluɓe a kan kantar shagon.

Ya yaye ƙyallen. Ta kai hannu, sai ya riga ta, ya ɗora wata takarda a kai. Ya buga amsar kamfanin tun safe, ya ninke ta, ya sa a aljihu, ya fitar, ya mayar, ya fi sau goma.

"Karanta wannan tukuna, ɗiyata. Na yi miki gaggawa a waya."

Ta karanta a tsaye, yadda malamai ke karatu, da yatsa a ƙarƙashin layi. Ya ga inda fuskarta ta haskaka, ya ga inda ta sauka. Ta ninke takardar daidai yadda take.

"Wato murfin ne kawai nasa."

"Murfin kawai. Sauran ban san na wa ba ne. Babanki ya ba ni ita cikakkiya, ni na bayar da aro, ni na ɓatar miki. Abin da zan iya mayar miki ke nan. Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ɗauki kyamarar da hannu biyu, a karkace, kamar mai riƙe jaririn wani. Idonta ya cika. Ya ji zuciyarsa ta karye, ya yi da-na-sanin takardar, ya kuma san da zai sake, ita zai sake miƙawa.

"Baffa," ta ce, "ni ko muryarsa ban riƙe ba. Ina ta so in tuna, ba ta zuwa. Ta yaya yake yi in zai ɗauki mutum hoto?"

Ya karɓi kyamarar. Babu fim a ciki, kuma ko da akwai ba za ta ɗauka ba. Ya nuna mata kujera, ta zauna. Ya ja baya taku huɗu, ya buɗe ƙafafu, ya manne gwiwoyin hannu a haƙarƙari, ya sunkuya har bayansa ya yi ƙara. Ya ɗaga hannun hagu sama da yatsa ɗaya a miƙe. Bai shirya ba, muryar ta fito da kanta, mai kauri, mai jan ƙarshen magana, ba tasa ba.

"Ɗago haɓa, ranki ya daɗe. Kar ki dube ni, ni ba kowa ba ne. Dubi wanda zai ga hoton nan bayan ba mu."

Ta ɗago haɓa. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Sake faɗa, Baffa," ta ce.

Ya buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Ya tsaya a sunkuye da yatsa a sama, ita kuma ta zauna tana jira.